Buhu 25 Sun Isa A Tuhumi Injin Shinkafa?

A ce wani ɗan kasuwa ya sayo tirelar shinkafa, kowane buhu an rubuta masa kilo 50. Zuciyarsa ba ta kwanta ba, sai ya zaɓi buhu 25 ya ɗora a sikeli. Da ya haɗa nauyinsu ya raba gida 25, matsakaicin ya fito kilo 49.4. Shin injin da ke cika buhunan ragi yake yi, ko kuwa dacewa aka yi hannunsa ya faɗa kan marasa nauyi? Ai ko inji mai gaskiya ba ya cika buhu biyu daidai wa daida. Wannan tambayar ce masana ƙididdiga ke amsawa da gwajin hasashe a kan matsakaici.

Ana farawa ne da hasashen babu bambanci, wanda ake rubutawa H0. A nan yana cewa matsakaicin dukkan buhunan kilo 50 ne, giɓin da aka gani kuma dacewa ce kawai. Kishiyarsa, H1, shi ne zargin ɗan kasuwa, cewa matsakaicin bai kai 50 ba. Kamar a gaban alƙali ne: wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai hujja ta tabbata a kansa.

Giɓin kilo 0.6 shi kaɗai ba hujja ba ne, sai an gwada shi da yadda nauyin buhunan ke hawa da sauka. Akwai ma'aunin wannan warwatsuwa, ana kiransa s. A ce ya fito kilo 1.5. To amma matsakaicin buhu 25 ba ya tangaɗi kamar buhu guda, domin masu nauyi suna cike giɓin marasa nauyi. Shi ya sa ake raba s da lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 25, wato 5. An samu 0.3. Gwargwadon kaucewar da ake sa ran gani ke nan a matsakaicin buhu 25, ko da injin bai yi ragi ba. Daga nan sai lambar gwaji:

t = (49.4 − 50) / (1.5 / √25) = −2.0

Ma'anarta, giɓin da aka gani ya ninka kaucewar da aka saba sau biyu, kuma ta ɓangaren ragi.

Ninki biyu ya isa? Amsar tana cikin jadawalin t, wanda ya samo asali daga aikin William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a Dublin, da ya wallafa a 1908 da sunan aro "Student". Kafin a taɓa sikeli ake yanke iyaka, galibi kashi 5 cikin 100. Wato mun yarda cewa in injin mai gaskiya ne, sau biyar cikin gwaji ɗari za mu zarge shi bisa kuskure. A layi na 24 na jadawalin, wato yawan buhunan a cire ɗaya, iyakar ita ce −1.711. Lambarmu ta −2.0 ta tsallake ta, saboda haka an yi watsi da H0. Da matsakaicin 50 ne da gaske, kusan sau uku kacal cikin ɗari za a ga ragi irin wannan ko fiye.

Yanzu a ce buhu tara kawai ya auna, ya samu matsakaici da warwatsuwa iri ɗaya. Sai a raba 1.5 da 3, a samu 0.5, t ta zama −1.2, alhali iyakar a layi na 8 ita ce −1.860. Ba a tsallake ba. A nan ne mutane da yawa ke zamewa, su ce an wanke mai injin. Ba a wanke shi ba. Abin da gwajin ya ce shi ne buhu tara sun yi kaɗan su raba ragi da dacewa, kuma rahoton gaskiya zai ce hujja ba ta isa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake zaɓen buhunan. In ɗan kasuwa ya bi yana tsinto waɗanda suka yi masa kama da ramammu, lissafin ya lalace tun daga tushe, kuma babu abin da t za ta gyara. A ba buhunan lamba, a yi ƙuri'a, a auna waɗanda suka fito. A duba sikelin da nauyin da aka tabbatar da shi. A kuma kalli lambobin ɗaya bayan ɗaya, domin buhu guda da ya yage ya zube zai iya janyo matsakaicin ƙasa shi kaɗai.

Ko an yi watsi da H0, gwajin bai ce da gangan aka yi ragin ba, wataƙila saitin inji ne ya goce. Amma ya ba ɗan kasuwa hujjar neman a sake awo a gaban shaidu, domin ragin kilo 0.6 a buhu 600 ya kai kilo 360, fiye da buhu bakwai.