Kuɗin Amana a Littafin Ƙungiya

Yau zancenmu a kan littafin ma'aji ne, na ƙungiyoyin nan namu na taimakon marayu da na Islamiyyar matan aure.

Kuɗin da ke shigowa ƙungiya iri biyu ne. Akwai na sake, kamar kuɗin wata da membobi ke biya, wanda za a iya kashewa a kan duk abin da taro ya amince. Akwai kuma wanda mai bayarwa ya ɗaure da sharaɗi, ya ce na kayan makarantar marayu ne, ko na haƙa rijiya. Wannan amana ce. Zakka ma nan ta faɗa, domin tana da mutanen da Shari'a ta ware mata, ba a sayen tabarmin taro da ita.

To, yaya za a rubuta? Ki samu littafi mai kauri, ki ja layuka: kwanan wata, bayani, lambar rasit, shiga, fita, saura. Ki ware shafi guda na kuɗin sake, kowace amana kuma da nata shafin. Ranar da gudummawa ta zo, a rubuta sharaɗin a takarda, mai bayarwa ya sa hannu, a manna ta a shafin.

Bari mu yi misali. A ce ƙungiya tana da naira 50,000 a banki. Mata 40 suka biya ɗari biyar-biyar, aka samu 20,000, kuɗin sake ya zama 70,000. Sai wata baiwar Allah ta kawo 300,000, ta ce na kayan makarantar marayu ne. Aka ɗinka wa yara 20 kaya a kan 6,000 kowanne, 120,000 ke nan, saura 180,000 a shafin marayu. Idan aka haɗa shafukan biyu, banki zai nuna 250,000.

Nan ne ake zamewa. Damina ta zo, rufin aji yana yoyo, shugaba ta ga 250,000 a waya, ta ce a fidda 100,000 a gyara. Alhali abin da ƙungiya ke da ikon taɓawa 70,000 ne kacal. Bayan gyara, banki ya koma 150,000, shafin marayu kuwa yana cewa 180,000. Kun ga an ci wa marayu 30,000, ba tare da kowa ya yi niyyar sata ba.

Saboda haka ga awon da za ki riƙa yi kowane ƙarshen wata. Ki tara sauran da ke shafukan amana duka, ki gwada da abin da ke banki da na cikin akwati. Muddin kuɗin hannu ya gaza na amana, an taɓa. Sai a rubuta shi bashi, a faɗa a taro, a mayar daga kuɗin wata. Idan kuwa an gama aiki kuɗi ya ragu, a koma wa mai bayarwa, shi zai ce a maido ko a juya shi wani aikin, a rubuce.

Da yake yawancinmu aike muke yi, ko yaro ko maigida, duk wanda aka aika banki ko kasuwa ya dawo da rasit. Inda babu rasit, kamar wajen tela, a rubuta 'yar takarda ya sa hannu.

Sai batun hukuma. Ƙungiyar da ta yi rajistar amintattu da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta mata kai rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, tare da lissafin da mai binciken kuɗi ya duba. Wajen haraji kuma, an yafe wa ƙungiyar jin ƙai haraji a kan gudummawa, amma ba a yafe mata kai bayani ba. Tana buƙatar lambar haraji, kuma duk shekara ta miƙa lissafinta ga hukumar haraji ta tarayya, wadda dokar 2025 ta sauya wa suna daga FIRS zuwa NRS. Yafewar nan ba ta hau kan ribar kasuwanci ba. Idan ƙungiya tana yin sabulu ko man shafawa tana sayarwa, a buɗe wa cinikin shafinsa daban, kada ya cakuɗe da sadaka. Kuma ba a raba rarar ƙungiyar jin ƙai tsakanin membobi kamar adashi.

Mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu, ki zo da littafinki kusa da rediyo, za mu rufe lissafin wata tare. A huta lafiya.