Ƙorafin manhajar banki da injiniya zai iya aiki da shi

Duk wanda ya leƙa ra'ayoyin jama'a a ƙarƙashin manhajar banki a Play Store ya ga irin wannan: tauraro ɗaya, sai "ba ta aiki, ku gyara". Mai rubutun ya huce haushinsa, amma injiniya bai ƙaru da komai ba. Shi ba ya gyara matsala sai ya sa ta faru a gabansa, a waya irin taka, ta hanyar da ka bi. Aikin sharhinka ke nan: ka nuna masa hanyar.

Wurin rubutun ba shi da yalwa. Haruffa 500 kawai Play Store ke karɓa, ba a kuma liƙa hoto, don haka a ajiye gaisuwa da tsinuwa. Ga misali:

"Tun da na sabunta zuwa 4.2.1, idan na shiga Transfer na manna lambar asusun da na kwafo daga WhatsApp, sai manhajar ta rufe kanta kafin sunan mai asusun ya fito. In na rubuta lambar da hannu, lafiya lau. Na gwada sau biyar, da data da kuma Wi-Fi, duk ɗaya. Tecno Spark 10, Android 13."

Jimlar da ta fi tsada a nan ita ce ta rubutawa da hannu. Ta wanke sabis, ta wanke bankin da ake tura wa kuɗin, ta bar zargi a kan mannawa. Nan take injiniya zai yi tunanin ko kwafen ya zo da ɗan gurbi a tsakiyar lambobi 10 na asusun, manhajar kuma ba ta san yadda za ta yi da shi ba. "Sau biyar" ya nuna ba tsautsayi ba ne. Lambar sabuntawa kuwa ta gaya masa inda zai fara tono. Ana ganinta a About this app a shafin manhajar, ta Android kuma a About phone cikin Settings.

Sai a kula, sharhi a bainar jama'a yake, 'yan damfara ma suna karantawa. Kada lambar asusu, BVN, lambar waya, balle PIN ko OTP, su shiga ciki. Haka kuma in an cire maka kuɗi bai isa ba, wannan ba maganar Play Store ba ce. Ka ɗauki Session ID da ke kan rasit ka kai wa bankinka kai tsaye.

In masu manhajar sun amsa, ko gyara ya fito, koma ka sabunta sharhin ka faɗi ko matsalar ta kau, tare da lambar sabuntawar da ka gwada.