Minti biyu a gaban alƙalai: Yadda ake rubuta jawabin gwaji da zai nuna iyawar ɗan wasa

Duk wanda ya taɓa zama a wajen tantance 'yan wasan kwaikwayo, abin da matasa ke kira odishin, ya san yadda abin yake tafiya. A kira suna, matashiya ta hau dandamali, kafin ta furta kalma biyar ta fashe da kuka. Ta yi kukan na minti ɗaya, ta koma ihu, sannan ta rufe da wata dariya da babu wanda ya san daga ina ta fito. Alƙalai su ce an gode, su kira na gaba.

Sau da yawa irin wannan matashiya tana da baiwa. Abin da ya kayar da ita shi ne rubutun da ta zo da shi. An ce mata ta shirya jawabin mutum ɗaya na minti biyu wanda zai nuna tana iya shiga yanayi daban-daban, sai ta ɗauka ana nufin ta jero kuka da fushi da dariya kamar kayan tireda. Alƙali kuwa abin da yake nema ya gani shi ne yadda mutum yake tashi daga wani yanayi ya shiga wani, da kuma dalilin da ya tura shi.

Buƙata ɗaya, dabaru da yawa

Konstantin Stanislavski, daraktan nan na Rasha da ke cikin waɗanda suka kafa gidan wasan kwaikwayo na Moscow Art Theatre a 1898, ya koyar da cewa ɗan wasa ya daina farautar yanayi kai tsaye, ya tambayi kansa abin da mutumin da yake kwaikwayo yake so. Wannan shawara ta fi amfanar marubucin jawabin gwaji fiye da kowa. Idan mai magana yana son abu ɗaya daga wajen mutum ɗaya, ana kuma hana shi, dole ya riƙa sauya dabara. Ya gwada zolaya, ta ƙi. Ya koma roƙo, ya ƙi. Daga nan rai ya ɓaci. Kowace sabuwar dabara tana zuwa da yanayinta ba tare da an ƙirƙiro shi ba.

Saboda haka kafin a rubuta layin farko, sai an san wa ke magana, da wa yake magana, me yake so, kuma me zai rasa idan minti biyun nan suka wuce bai samu ba. Tambayar ƙarshen ce aka fi mantawa. Shi ya sa jawabin da ake yi wa madubi ko kabari yake wahalar tashi: madubi ba ya cewa a'a, ba ya kuma juya baya zai fita.

Bari mu gina guda ɗaya. Budurwa ce, mahaifiyarta tela ce, ta rasu bayan doguwar jinya. Yayanta ya shigo ɗakin zai ɗauki keken ɗinkin marigayiyar ya sayar, domin a biya kuɗin asibitin mahaifinsu. Mai saye yana ƙofar gida. Ita kuma so take ya ajiye keken. A lura cewa yayan yana da hujja mai ƙarfi. Da mugu ne kawai, da fushi kaɗai za ta yi daga farko har ƙarshe, kuma da mun koma gidan jiya.

Ga yadda ta fara, da murmushi:

"Yaya, sannu da aiki. Kai da ko buta ba ka ɗauka, yau kai ne da ɗaukar keken ɗinki? Ajiye, kada bayanka ya riƙe Anti ta ce ni na ja. Ajiye mana in kawo maka ruwa. Nawa ma suka ce za su ba ka? Wannan tsohon ƙarfen da sai an zuba masa mai an lallashe shi kafin ya motsa?"

Babu gabatarwa a nan. Ba ta ce sunana wance, mahaifiyata ta rasu bara ba. An faɗo tsakiyar al'amari, kuma cikin daƙiƙa goma mai sauraro ya gane dangantakarsu da abin da ake ja a kai. Farawa da raha ma da gangan ne. Wanda ya fara daga ƙololuwa ba shi da sauran wajen hawa, mutumin da ke tsoron rasa wani abu kuwa yakan fara da wasa don ya ɓoye tsoron. Idan 'yar wasa ta bari fargabar ta ɗan leƙo daga ƙarƙashin zolayar, ta riga ta nuna yanayi biyu a lokaci ɗaya.

Yaya bai yi dariya ba, ya ci gaba da jan keken. Ba za a ji muryarsa ba, amma dole marubuci ya san abin da ya yi a kowace gaɓa, ya ma rubuta shi a gefen takarda, domin shi ne ke tura ta ta sauya hanya:

"To tsaya. Na san kuɗin asibitin Baba ne, na sani. Ina da adashi, wata mai zuwa ni ce da ɗauka. Ga 'yan kunnena, kai su kasuwa, ba zan ce komai ba. Sati uku kawai, Yaya. Sallah ta matso, mutum huɗu sun kawo ɗinki."

Yanzu ciniki take yi. Jimlolin sun gajarce, numfashi ya ƙaru. Adashi da 'yan kunne da sati uku abubuwa ne da ake iya gani da ƙirgawa, kuma sun fi layi irin "ina cikin matsanancin hali" aiki nesa ba kusa ba. Duk inda ka ga mai magana ya ambaci sunan abin da yake ji, ya ce raina ya ɓaci ko zuciyata ta karye, to marubuci ya ƙwace aikin ɗan wasa. A goge layin, a sa wani abu da hannu zai iya taɓawa.

Inda jawabin yake juyawa

Yaya ya kau da kai, ya nufi ƙofa.

"Ka kalle ni mana ina magana! Shekara biyu tana kwance, sau nawa ka shigo ɗakin nan? Ni na juya ta, ni na yi mata wanka. Yau kai ne mai iko da kayanta? Da wannan keken ta biya kuɗin makarantarka, har ka zama mutumin da…"

Ta yi shiru. Fushin bai wuce daƙiƙa ashirin ba, kuma ya isa. Abin da ya ba shi nauyi shi ne yadda ta daɗe tana danne shi, da kuma cewa ƙanwa ce ke ɗaga wa yayanta murya, abin da ita kanta ta san ta ƙetare iyaka. Jimlar da ba ta ƙarasa ba ita ce gadar da za ta bi zuwa sashen ƙarshe. A nan ake buƙatar shiru na daƙiƙa uku ko huɗu, wanda a kan dandamali yakan yi wa mai wasa tsawo kamar shekara. A lissafa shi cikin lokacin, domin a cikinsa alƙalai suke ganin tunani yana sauyawa a fuska.

"Yi haƙuri. Ba haka nake nufi ba. Akwai zare a jikinsa, shuɗi. Rigata take ɗinkawa ranar da ta faɗi, hannu ɗaya ya rage. Na kasa ƙarasawa, na kuma kasa cirewa. In za ka tafi da shi, bari in cire zaren da hannuna. Shi ke nan. Riƙe can, in kama maka nan. Yana da nauyi."

Sai yanzu ainihin dalilin ya fito, kuma an ajiye shi ne har ƙarshe saboda ita ma ba ta yi niyyar faɗarsa ba. Ba a rubuta mata "ta yi kuka" ba. In hawaye ya zo, to. In bai zo ba, wadda ke ƙoƙarin riƙe kuka ta fi wadda ke matso shi taɓa zuciya. Ta kuma ƙare a wajen da ba nan ta fara ba: ta shigo don ta hana, ga ta tana taya ɗauka.

Agogo da gwaji

Jawabin nan gaba ɗaya kusan kalma 200 ne. Idan aka karanta shi a zaune ba zai cika minti biyu ba, amma da zarar an tashi tsaye aka sa shiru da motsi, sai ya kusa cikawa. Mutane suna bambanta wajen saurin magana, don haka agogon waya ne alƙali. A yi shi a tsaye da murya sau uku, a nemi ya tsaya wajen minti ɗaya da daƙiƙa 45 zuwa 50. A wasu wuraren tantancewa ana katse mutum da zarar lokaci ya cika, kuma abin da za a yanke maka shi ne sashen da ya fi kyau. Idan ya yi tsawo, a rage daga farko da tsakiya. Kada a ƙara sauri.

Akwai hanyoyi masu sauƙi na gane ko rubutun ya yi. A rubuta aikatau ɗaya a gefen kowane sashe: zolaya, ciniki, zargi, sallamawa. Idan kalma ɗaya ta maimaitu sau biyu a jere, jawabin yana tafiya a waje ɗaya ne. Sannan a yi shi a gaban wanda bai san labarin ba, a tambaye shi abin da yarinyar take so. Idan amsarsa ita ce "tana baƙin ciki", ba "tana so ya ajiye keken" ba, da sauran aiki. A kuma duba yawan "a lokacin da" da "na tuna". Jawabin da rabinsa ba da labarin baya ne yakan mai da ɗan wasa mai tatsuniya. A namu, abin da ya wuce ya shigo sau biyu kacal, na farko a matsayin makami, na biyu a matsayin amsa laifi.

Michael Shurtleff, wanda ya yi aikin zaɓen 'yan wasa a Broadway kuma ya wallafa littafi kan tantancewa a 1978, ya ja hankali kan abin da ya faru dab da furta kalmar farko. A nan, ta shigo ne ta tarar keken ya riga ya bar mazauninsa. 'Yar wasa ta ga wannan a ranta kafin ta buɗe baki. Ta kuma tsayar da Yaya a waje ɗaya, ɗan gefen kan alƙalai, kada ta yi wasan da idanunsu, domin aikinsu kallo da rubutu ne.

Saura abu ɗaya da ya kamata a bincika tun kafin a ɗauki biro. Ba kowace tantancewa ce ke karɓar abin da mutum ya rubuta da kansa ba. Makarantun koyon wasan daɓe da yawa suna sharɗanta a ɗauko jawabi daga wasan da aka riga aka wallafa, wasu masu shirya fim kuma takarda suke miƙa maka a wajen ka karanta. A karanta sanarwar da kyau, idan ba a fayyace ba a tambaya.