Shiri na Musamman: Daga Katin Ɗan Kasuwa Zuwa Cikin Waya



Da zarar kaka ta yi, sakatarorin ƙungiyoyin manoma na Bichi, Ɗambatta da Tsanyawa kan dawo daga kasuwar Dawanau da katunan dillalan riɗi da waken suya cike da aljihu. A ɗauki hotonsu, a bar su jibge a waya, ranar da ake neman mai saye kuma a rasa lambarsa. Shirinmu na yau zai nuna yadda ake mayar da hotunan fayil guda.

A ce malam sakatare na da kati 40. Zai shimfiɗa kowane kati a inuwa ya ɗauke shi shi kaɗai, domin ƙyallin rana na cinye rubutu. Sai ya buɗe hoton da Google Lens, ya kwafi rubutun, ya zuba a jadawalin Google Sheets, kowane mutum da layinsa. Kanun jadawalin su ne First Name, Last Name, Organization Name da Phone 1 - Value. A gurbin kamfani yana da kyau a ƙara sana'a, kamar "dillalin riɗi", don Alhaji Musa ba ɗaya ba ne a Dawanau.

To, a wajen lambar waya gizo ke saƙa. Lambar Najeriya alƙaluma 11 ce, tana farawa da sifiri, shi kuwa jadawali ya ɗauka kuɗi ake lissafawa, sai ya yar da sifirin: 0803 ta koma 803. Maganinsa shi ne a mayar da rukunin lambobin Plain text tun kafin a zuba komai. Sannan a rubuta '+234 a madadin sifirin, da alamar ' kafin + ɗin don kada jadawali ya ɗauke shi lissafi, alƙaluma 10 su biyo baya. In an ƙirga an ga 9 ko 11, akwai kuskure.

Manhajar Google Lens ma takan ruɗe. Takan karanta sifiri a matsayin harafin O, ko 8 a matsayin B, musamman idan katin ya sha gumi. Saboda haka a gwada kowane layi da hotonsa, ido da ido. Katin da ke da lamba biyu, ta biyun ta shiga Phone 2 - Value.

Daga nan a sauke jadawalin a matsayin CSV, a shiga contacts.google.com, a danna Import. A fara da mutum 3 a gani, kafin a tura sauran 37. Idan komai ya zauna daidai, a zaɓi lambobin nan 40 kaɗai, a danna Export, a zaɓi vCard. Wannan fayil mai ƙarewa da .vcf shi ne wayar Android da iPhone ke karɓa, ana kuma iya tura wa shugaban ƙungiya ta WhatsApp.

Sai dai a kula, lambobin nan amana ne, kada a watsa su a kowane zaure. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.