Yadda gishiri ke huda ƙarfen da ba ya tsatsa

Ƙarfen da ake ƙera cokula da tukwane masu ƙyalli da shi, wanda ake cewa ba ya tsatsa, yawancinsa baƙin ƙarfe ne. Abin da ya bambanta shi shi ne kuromiyam da aka haɗa masa, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Harry Brearley ya narka irinsa a birnin Sheffield na Ingila a 1913.

Da zarar iska ta taɓa ƙarfen, sai kuromiyam ya haɗu da oksijin, su yi wata fata, Cr₂O₃, wadda kaurinta bai wuce nanomita biyu zuwa uku ba. Ido ba ya ganinta, amma ita ke hana ruwa da iska cin abin da ke ƙarƙashi. In aka karce ta, nan take take sake tohowa, muddin akwai oksijin a wurin.

Wannan sharaɗin kuwa shi ne lagonta. A ce an zuba gishiri a tukunya tun ruwa na da sanyi, ya kwanta a gindi, aka bar shi ya kwana. Kulorayid da ke cikin gishirin yakan fasa fatar a inda take da rauni, sau da yawa a gefen ɗan ƙurar salfa da ya maƙale tun wajen narka ƙarfen. Rami ya buɗe kamar bakin allura. A cikinsa oksijin yakan ƙare da wuri, don haka fatar ba ta iya gyaruwa. Ƙarfen da ya narke ya mai da ruwan ramin asid, ya kuma jawo ƙarin kulorayid ciki, shi ya sa ramin ke ta zurfi alhali sauran tukunyar na ƙyalli. Alamarsa baƙin ɗigo ne mai da'irar tsatsa, wanda farce ke kamawa. Zafi na ƙara masa sauri, haka ma ruwan bilic da aka bari ya jima a ciki.

Masu ƙera ƙarfe suna auna juriya da lissafin da ake kira PREN: kason kuromiyam, a tara da na molibdenam sau 3.3, da na naitirojin sau 16. Nau'in 304, mai kuromiyam 18 babu molibdenam, yana samun kusan 18. Nau'in 316, mai kuromiyam 17 da molibdenam 2, yana kai kusan 24. Ruwan teku kuwa sai mai 40 zuwa sama.

A ganina 304 ya ishi ɗakin girki, in dai za a bari ruwa ya tafasa kafin a zuba gishiri, a ɗauraye tukunya a shanya ta. Soson baƙin ƙarfe ma a guje shi, domin ɓurɓushin da yake bari shi ke fara tsatsa a kan fatar.