Wace tukunya ta fi dacewa da miyar yakuwa?

Da wuya a shiga gidan biki a Kano ko Zinder ba a ga babbar tukunyar alminiyom bisa murhu ba. Tana da arha, ba ta da nauyi, kuma zafi yana ratsa ta da saurin da ya ninka na sitenles, ƙarfen nan da ba ya tsatsa, fiye da sau goma. Shi ya sa ruwan tuwo ke saurin tafasa a cikinta.

Matsalar tana ga abin da aka narka aka zuba ta. Maƙera da dama suna amfani da gwangwanaye da tsofaffin sassan injin mota, waɗanda kan zo da dalma a jikinsu. Wani bincike da aka buga a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya nuna dalma tana fita daga jikinsu idan an tafasa ruwa mai tsami. Dalma ba ta da ɗanɗano, ido ba ya ganinta, kuma ƙwaƙwalwar yara ta fi yi wa illa.

A ɗauki miyar yakuwa. Tsamin ganyen da na tumatir suna cin siririn rufin da ke kare fuskar alminiyom, kanwa ma haka take yi. Idan miyar ta kwana a ciki, abin ya ƙaru. Alamarsa ƙananan ramuka ne a gindin tukunya, ko abinci ya riƙa ɗanɗanon ƙarfe. Dirzar ta da soson ƙarfe har ta yi ƙyalli, wanda uwargida ke alfahari da shi, yana ƙara kankare wannan rufi ne.

Sitenles kuwa tsami bai cika damunta ba, saboda sinadarin kuromiyom da ke cikinta, kusan kashi 18 cikin ɗari a masu kyau. Aibinta kamu: mai siririn gindi tana ƙona shinkafa a tsakiya alhali gefe bai nuna ba. Mai saye ya juya ta, ya nemi mai kaurin gindi wadda aka saka wa faifan alminiyom a ciki.

Baƙin ƙarfe na zubi yana jinkirin ɗaukar zafi amma yana riƙe shi, don haka ya dace da suya da waina. Jika ma yana iya gadonsa, muddin ana busar da shi a shafa mai bayan wanki.

Kaskon da ba ya kamu, mai shafen Teflon, shi ne mafi gajeren kwana. Shafen yana fara lalacewa idan zafi ya haura digiri 260, abin da kasko wayam kan wutar gas ke kaiwa cikin 'yan mintuna, balle garwashin gawayi. Cokalin ƙarfe yana karce shi. Nasa ƙwai ne a ƙaramar wuta.

Ga gidan da zai iya sayen tukunya ɗaya tal, musamman mai yara, sitenles mai kaurin gindi ce ta cancanci kuɗin, a ware ta don miya, zoɓo da kunun tsamiya.