Wasiƙar Cire Yaro Daga Makarantar Kuɗi

Iyaye da yawa ba sa rubuta ta. Hutu kawai suke jira, in an koma sai a ga kujerar yaro babu kowa. Rigimar tana tasowa ne ranar da sabuwar makaranta ta ce a kawo takardar canjin makaranta, uba ya koma tsohuwar, akanta ya buɗe littafi ya ce ana binsa kuɗin zango guda. Makarantu masu zaman kansu da dama suna saka sharaɗi a fom ɗin ɗaukar ɗalibi: ko a ba su sanarwar zango ɗaya, ko a biya kuɗinsa. Saboda haka kafin a ɗauki biro, a lalubo wannan fom a karanta.

A ce ma'aikaci ne aka yi wa canjin wurin aiki daga Kaduna zuwa Gusau, 'yarsa tana aji biyu na babbar sakandare, kuma a ƙarshen zango na biyu za su tashi. A makon farko na zangon ya kamata wasiƙarsa ta isa teburin shugabar makaranta. Bayan sallama da gaisuwa, sai ya rubuta cikakken sunan yarinyar, ajinta, lambarta ta shiga makaranta, da ranar da za ta daina zuwa. Dalili kuwa, jimla ɗaya ta wadatar. Ko da tsadar kuɗi ce ta kore shi, ba nan ne wurin zuba ƙorafi ba.

Godiya ta fi armashi in an kama abu takamaimai: "Muna godiya ga malamin lissafinta da ya riƙa zama da ita bayan an tashi." Ai waɗannan malaman ne za su zauna su cike takardun.

Sai roƙon, kuma nan aka fi yin sakaci. "A ba mu takardunta" ba ya isa, gara a ambace su ɗaya bayan ɗaya: takardar canjin makaranta, takardar shaidar hali, sakamakon kowane zango, da makin gwaje-gwajen aji tun daga shekarar farko ta babbar sakandare. Wannan na ƙarshe ake mantawa, alhali hukumomin WAEC da NECO suna haɗa shi da makin jarrabawar ƙarshe, kuma sabuwar makaranta ce za ta tura. In ba ya hannunta, rajistar yarinya na iya cijewa.

Kwafi biyu zai kai, tare da rasit ɗin kuɗin makaranta na ƙarshe. A buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata, ya riƙe abinsa. Ranar karɓar takardun kuma ya duba suna da ranar haihuwa tun yana ofishin, domin Hauwa'u a nan, Hauwa a can, ya isa ya kai mutum kotu yin rantsuwa.